Dok ɗin USB-C yana karɓar wasu na'urori yana ƙin wasu: ƙarancin wuta ne ko laifin kebul?

"Jama'a a taimaka. Dok ɗina na USB-C, wato akwatin da nake jona na'urori da laftof ta cikinsa, yana karɓar kibod da maus lafiya lau, amma monita sam ba ta kawo hoto. Had-dis kuma wani lokaci ya buɗe, wani lokaci ya yi ta ƙas-ƙas ya ɓace, musamman in na sa wayata caji a jikin dok ɗin. Kebul ɗin da ya zo da shi ya ɓata, da na cajar waya mai tsawon mita 2 nake amfani. Sabon dok zan saya?"

Malam, dakata da sayen dok tukuna. A ganina cuta biyu ce ta haɗu maka a wuri ɗaya, kuma kowace da irin alamarta. Laifin kebul ba ya canzawa: abin da ya ƙi aiki da safe zai ƙi da yamma, ko shi kaɗai ka jona. Ƙarancin wuta kuwa yana zuwa yana tafiya, ya danganta da yawan abin da ka rataya wa dok ɗin da kuma lokacin da kowanne ya fi jan wuta. Monitarka tana cikin rukuni na farko, had-dis ɗinka yana cikin na biyu.

Mu fara da kebul, don a nan aka fi ruɗewa. Bakin USB-C yana da ƙananan haƙora 24, kuma kowane kebul bakinsa iri ɗaya ne, amma ba kowane ne aka ja wa wayoyi zuwa dukkan haƙoran ba. Cikakken kebul yana ɗauke da wayoyin wuta, da tagwayen wayoyi na tsohon tsarin USB 2.0 mai gudun megabit 480 a daƙiƙa, da kuma tagwaye huɗu na babban gudu. Waɗannan huɗun su ne ke ɗaukar USB 3 mai gigabit 5 ko 10, kuma a kansu hoton monita ke bi, ta tsarin da ake kira DisplayPort Alt Mode. A yawancin dok ana raba su ne, biyu wa hoto, biyu wa bayanai. To kebul ɗin da ke zuwa da cajar waya galibi ba shi da waɗannan huɗun ko kaɗan. Wuta da USB 2.0 kawai aka sa masa, domin ya yi arha, ya yi laushi, ya kuma yi tsawo.

Da wannan ka ga dalilin da ya sa dok ɗinka yake kamar mai wariya. Kibod da maus ba sa buƙatar fiye da USB 2.0, don haka ba su san ma akwai matsala ba. Filasha da had-dis za su buɗe, sai dai su koma tafiyar hawainiya, kwafin da ya kamata ya wuce megabait 100 a daƙiƙa ya tsaya wajen 30 zuwa 40. Monita ita ce ba ta da hanyar komawa baya. Babu wayoyin, babu hoto, ko sau ɗari ka cire ka mayar.

Tsawon ma shaida ne. Kebul na yau da kullum mai ɗaukar gigabit 10 ba ya wuce mita 1, mai gigabit 40 kuma wajen santimita 80 yake tsayawa. Mai gigabit 5 kan kai mita 2, amma za ka ji shi da kauri da tauri a hannu. Siririn kebul mai laushi mai mita 2 da ya zo da caja, kusan tabbas USB 2.0 ne. Kuma kada adadin wat da aka rubuta a kwalinsa ya yaudare ka. Kebul yana iya ɗaukar wat 100 ko ma 240 alhali gudun bayanansa 480 ɗin nan ne. Ƙarfin wuta daban, gudun bayanai daban, sai ka ga an rubuta kowanne.

Ba sai ka yi ta zato ba, kwamfutar za ta faɗa maka. In Linux kake amfani da shi, jona had-dis ɗin a dok ka rubuta:

```
lsusb -t
```

Dubi ƙarshen layin na'urar. In ka ga `480M`, USB 2.0 kake kai. In `5000M` ko `10000M` ne, wayoyin babban gudu suna nan. A macOS wannan bayanin yana cikin System Information, ƙarƙashin USB. Windows kuma takan fito da saƙo mai cewa "Display connection might be limited" idan dok ya nemi tura hoto hanya ta ƙi.

Wannan saƙon yana da fuska biyu, shi ya sa zan ja kunnenka a nan. Akwai laftof ɗin da ramin USB-C nasa ba ya fitar da hoto tun daga masana'anta, na bayanai ne kawai. Irin wannan ko kebul mafi tsada ka kawo ba abin da zai sauya. Duba gefen ramin ko akwai alamar walƙiya ta Thunderbolt ko tambarin DisplayPort, in babu ka duba takardar bayanan laftof ɗin. In kuwa monitar ta taɓa kawo hoto lokacin da kebul na asali yana nan, magana ta ƙare, ramin lafiyarsa ƙalau.

Yanzu wuta. Dok ɗin da ba a jona masa caja ba daga laftof yake ci, kuma abin da laftof ke bayarwa ta ramin USB-C yana da iyaka: bolt 5 ne, da amfiya 1.5 ko 3, wato wat 7.5 ko wat 15. Wasu ramukan ma ƙa'idar USB 3 ta asali kawai suke cikawa, amfiya 0.9, wat 4.5 ke nan. Daga wannan ɗan kason dok zai ciyar da kansa, sannan ya raba wa duk wanda ke jikinsa.

Bari mu yi lissafin naka, da ƙiyasi, mu kuma ɗauka laftof ɗinka mai kyauta ne yana ba da wat 15 cif. Kayan cikin dok ɗin, wato mai rarraba USB da mai juya hoto zuwa HDMI da na intanet, mu ba su wat 4. Kibod da maus su biyu, wat 1. Had-dis mai faifai, ƙaramin nan na inci 2.5, yana tafiya da wat 2 zuwa 3, amma a daƙiƙun farko da injinsa ke tayar da faifan yakan ja kusan amfiya 1, wato wat 5. Jimla wat 10, akwai rarar 5, komai na tafiya. Sai ka kawo waya mai batir a ƙasa, ta tarar da ramin da ke ba da amfiya 1.5, ta kwashi wat 7.5. An koma 17.5, an haura 15. Idan kuwa ramin laftof ɗin mai wat 7.5 ne, tun kafin wayar ta shigo an ci bashi.

Abin da ke biyo baya shi ne abin da kake ji. Bolt ɗin ya faɗi ƙasa da abin da injin had-dis ke buƙata, faifan ya fara juyawa ya kasa kai gudunsa, ya tsaya, ya sake gwadawa. Ƙas-ƙas ɗin ke nan. Wani lokaci laftof ne da kansa zai yanke wutar ramin don kare kansa, sai ka ga komai ya ɗauke lokaci guda ya dawo. Windows takan rubuta "Power surge on the USB port", macOS takan ce "USB Accessories Disabled", a Linux kuma `dmesg` zai nuna layi mai ɗauke da `over-current`. Ina roƙonka, har ka gyara wannan kada ka kwafi abu mai muhimmanci zuwa had-dis ɗin ta dok. Ɗaukewar wuta ana tsakar rubutu tana lalata fayil, wani lokaci har da tsarin faifan gaba ɗaya. Wannan ya fi damuna fiye da batun monitar.

Akwai inda cututtukan biyu ke haɗuwa, kuma ina zargin haka ne a wurinka. Dogon kebul mai siraran wayoyi yana cinye wani ɓangare na bolt a hanya, kuma asarar tana ƙaruwa da yawan amfiyar da ke bi ta cikinsa. Kwatankwacin siririn tiyo ne mai tsawo: in ruwa kaɗan kake so zai ishe ka, in ka buɗe famfo uku a ƙarshensa duk sai su koma ɗiga. Kebul mai turjiyar om 0.25, zuwa da dawowa, in amfiya 3 ta bi ta cikinsa zai zubar da bolt 0.75. Laftof ya aika 5, dok ya karɓi 4.25. Kibod ba zai damu ba, had-dis zai damu. Saboda haka sauya kebul kaɗai yana iya rage ƙas-ƙas ɗin, amma ba zai ƙara ko wat ɗaya a kan abin da laftof ke bayarwa ba.

Ga yadda zan bi da shi in ni ne, kuma abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji. Da farko cire komai daga dok ɗin, ka bar monita ita kaɗai. In babu hoto alhali babu mai jan wuta, to ba wuta ba ce, kebul ne ko ramin laftof. Daga nan cire monitar ka jona had-dis shi kaɗai. In ya tashi lafiya, sai ka ƙara wayar kana saurare. Ya fara ƙara da shigarta? Ka kama ƙarancin wuta da hannunka. Na ƙarshe, in dok ɗin yana da ramin da aka rubuta wa PD, jona cajar laftof a nan ka maimaita gwajin. In had-dis ya natsu amma monita tana nan baƙa, ka tabbatar da duka biyun.

Kan cajar akwai abin lura. Dok yana cire nasa kason kafin ya miƙa wa laftof saura, yawancinsu wajen wat 15. Cajar wat 65 za ta isa laftof a matsayin wat 50 ko kusa da haka, don haka laftof mai buƙatar 65 zai iya yin korafin caji a hankali. Sannan duk kebul ɗin da zai ɗauki fiye da amfiya 3 dole ya kasance da ɗan cif a bakinsa mai shaida wa caja cewa zai iya ɗaukar 5. In babu shi, ko cajar wat 100 ce za ta tsaya a bolt 20 sau amfiya 3, wato wat 60. Kuma kada ka zare cajar daga dok ana cikin kwafi, domin a ɗan lokacin da dok ke komawa cin wutar laftof na'urori sukan yanke.

In ka tashi saye, nemi gajeren kebul, mita 1 ko ƙasa, wanda aka rubuta masa 10Gbps ko 40Gbps ƙarara, tare da 100W ko 240W. Kebul mai shaidar Thunderbolt 4 ko USB4 yana ɗaukar hoto da bayanai da wuta duka, shi ne mafi sauƙin zaɓi in ba ka son dogon bincike. Wanda aka cika kwalinsa da maganar saurin caji ba a ambaci gudun bayanai ba, bar shi. Wayar kuma ka mayar da ita kan cajarta. In bayan sabon kebul da caja a ramin PD had-dis bai daina ɓacewa ba, gwada shi kai tsaye a jikin laftof da wani kebul ɗin nasa. Sai ya yi aiki lafiya a can sannan zargi ya hau kan dok, kuma a lokacin wanda ya dace da kayanka shi ne mai zuwa da nasa abin ba da wuta.