Satifiket 19 ko guda 4: wane jeri ne zai taimaki mai neman aiki a ƙungiyar agaji?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da digiri a fannin ƙididdiga, na yi shekara 3 ina tattara bayanai a wata ƙungiyar agaji a Maiduguri, yanzu zan nemi aikin M&E Officer, wato jami'in sa ido da tantance shirye-shirye. Satifiket ɗina sun kai 19: akwai na Google Data Analytics, da MEAL DPro, da PL-300, da BSAFE, da PSEA, da diflomar kwamfuta da na yi bayan sakandare, sai na bitoci. Wata ta ce in zuba duka, wani ya ce in zaɓi uku ko huɗu. Wanne ne daidai, a CV da kuma LinkedIn?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. A kan wannan aikin da kike nema, mai cewa ki zaɓa ya fi kusa da gaskiya, amma akwai inda maganar waccan ɗin ma take aiki, za mu zo kanta. Abin da ya kamata ki fara yi shi ne ki baje takardun nan a gabanki ki raba su gida uku, domin nauyinsu ba ɗaya ba ne ko da duk suna da hatimi da sa hannu.

Gida na farko shi ne lasisi, wato takardar da sai da ita ake barin mutum ya yi sana'ar, kamar rajistar TRCN ga malamin makaranta ko ta COREN ga injiniya. Ke ba ki da irinta, aikinki kuma bai buƙace ta ba. Gida na biyu shi ne takardar da aka samu bayan zana jarrabawar da ake iya faɗuwa. Na uku kuwa takardar halarta ce: an je bita, an zauna, an sa hannu a rajista, an karɓi takarda. Mai ɗaukar aiki da ya san fannin yana bambance su da kallo ɗaya, kuma idan ya ga an cakuɗa su a jeri guda, sai ya ɗauka ke ce ba ki san bambancin ba.

Ga yadda jerin farko yakan kasance idan aka zuba komai. Kaɗan daga ciki ne, shekarun kuma misali ne:

```
Diploma in Computer Appreciation, 2015
Leadership Summit, Certificate of Attendance
Foundations: Data, Data, Everywhere
Ask Questions to Make Data-Driven Decisions
Power BI
BSAFE
MEAL
```

Ga kuma na biyu, daga takardun mutum ɗaya:

```
Microsoft Certified: Power BI Data Analyst Associate (PL-300), Microsoft, exp. 2026
MEAL DPro Foundation, PM4NGOs, 2024
Google Data Analytics Professional Certificate, Google/Coursera, 2023
Compliance training: BSAFE (UNDSS), PSEA
```

Dubi abin da ya faru da PL-300 a jerin farko. Ita ce takardar da ta fi kowace tsada da wahala a hannunki, jarrabawa ce ta Microsoft kan manhajar nazarin bayanai ta Power BI da ake zana ta ƙarƙashin sa ido, amma ta koma kalma biyu a layi na biyar, ba sunan wanda ya bayar, ba shekara. Mai karatu ba zai san ko jarrabawar kika ci ko bidiyo kika kalla a Udemy ba, tun da can ma akwai kwasa-kwasan shirin PL-300 masu bayar da takardar kammalawa. Idan kuma bai sani ba, ƙaramin zai ɗauka. A jeri na biyu ta hau sama da cikakken sunanta da lambar jarrabawar, don haka ko mutum ne ke karantawa ko manhajar tace takardu ce ke neman kalmar Power BI, za a same ta. Da haihuwar yuyuyu gara ɗaya ƙwaƙƙwara, in ji Hausawa, kuma ke kina da ƙwaƙƙwarar, binne ta kawai ake shirin yi.

Haka zancen yake a MEAL DPro, takardar fannin sa ido da tantance shirye-shiryen agaji, kuma nan ne mutanen fanninku suka fi yin tuntuɓe. Akwai darussan da ake bi kyauta a intanet, kamar a dandalin Kaya, akwai kuma jarrabawar da PM4NGOs ke shiryawa. Wanda ya gama darussa ya yi kwas, wanda ya ci jarrabawa shi ne mai takardar ƙwarewa. Duba takardarki ki ga wacce ce. Idan ta darussa ce, rubuta ta a matsayin kwas tare da sunan dandalin, ba abin kunya ba ne, tana da amfaninta. Abin da ke zubar da mutunci shi ne ki rubuta ta kamar ta jarrabawa, ranar tantance takardu a ce ki kawo, ki miƙa wata daban.

Layuka biyu na tsakiyar jerin farko kuma wani kuskure ne da ke kumbura lissafi. Shirin Google Data Analytics jerin kwasa-kwasai ne, kowane ɗaya Coursera na ba shi takardarsa, sannan a ƙarshe a ba da babbar da ta haɗa su. Ina kyautata zaton kaso mai yawa na 19 ɗin nan naki 'ya'yan wannan shirin ne. Babbar kaɗai za ki rubuta. Jera ƙananan yana sa mai karatu ya yi zaton ba ki kai ƙarshe ba, ko kuma kina neman cika shafi ne.

BSAFE da PSEA ba na yarwa ba ne, ba kuma na alfahari ba ne. BSAFE horon tsaro ne na sashen tsaron Majalisar Ɗinkin Duniya wanda ake gamawa a zama ɗaya, PSEA kuma horo ne kan kare mutanen da ake taimaka wa daga cin zarafi da lalata, kusan duk ma'aikacin agaji a Borno an sa shi ya yi. Ba za su fifita ki a kan kowa ba, sai dai suna nuna kin san ƙa'idar aikin. Layi ɗaya ya ishe su, a ƙasa. Diflomar kwamfuta ta bayan sakandare kuwa ta gama aikinta, wanda ya ci PL-300 ba a tambayarsa ko ya iya kunna kwamfuta. Taron shugabanci na kwana ɗaya ma ya fita.

To ta yaya za ki yanke hukunci a kan sauran bitocin? Buɗe sanarwar aikin, ki je wurin da aka jera abubuwan da ake buƙata, ki ja layi ƙarƙashin kowace manhaja da kowace ƙwarewa da aka ambata. A irin wannan aiki galibi za ki ga KoboToolbox ko ODK na tattara bayanai, Excel, wani lokaci Power BI, DHIS2 idan shirin lafiya ne, da tsara ma'aunan auna ci gaban shiri. Sai ki ɗauki kowace takarda ki tambayi kanki: wane layi ne a sanarwar nan take amsawa? Wadda ba ta amsa ko ɗaya ba, ta koma fayil. Wadda ta amsa, sai tambaya ta biyu: idan aka tsare ki da tambayoyi a kanta minti biyar a intabiyu, za ki iya kare ta? Duk abin da kika rubuta kin ba su izinin su tambaye ki ne. Bitar DHIS2 ta kwana biyu da kika yi shekara huɗu baya, ba ki sake buɗe manhajar ba, tarko ce kika ɗana wa kanki.

Akwai kuma bitar da wurinta ba sashen satifiket ba ne sam. A ce kin yi horon KoboToolbox na kwana uku, daga baya kika tsara fom ɗin da aka yi binciken magidanta da shi, kika horar da masu tattara bayanai. Idan kika sa horon a jerin satifiket, labarin kwana uku kawai kika bayar. Idan kika kai shi ƙarƙashin aikin da kika yi, kika rubuta cewa kin tsara fom mai tambayoyi kaza, kin horar da mutum kaza, an tattara bayanan gidaje kaza, to kin nuna abin da horon ya haifar, wanda shi ne ainihin abin da ake nema. A ganina wannan gyaran ya fi duk sauran tasiri, domin shekarunki uku a fili sun fi kowace takardar bita nauyi, don haka sashen aikin da kika yi ya zo kafin na satifiket.

Yanzu inda jeri mai tsawo yake cin nasara. Idan fom ne aka ba ki mai gurbin duk horon da kika taɓa yi, kamar wasu shafukan ɗaukar aiki na gwamnati da na manyan ƙungiyoyi, cike shi yadda aka nema. Haka ma fayil ɗin ƙarin girma a aikin gwamnati, inda akan so ganin shaidar horo. Sabon wanda ya gama hidimar ƙasa, ba shi da aikin da zai nuna, shi ma zai iya ƙara kwas biyu ko uku a kan abin da zan ba ki shawara. Saboda irin waɗannan wurare, ki ajiye cikakken jeri a takarda ɗaya a kwamfutarki, da sunan kowace takarda, da wanda ya bayar, da wata da shekara, da lambarta, tare da hotonta. Daga nan za ki riƙa tsamo uku zuwa biyar duk lokacin da za ki tura CV, kuma zaɓin zai riƙa sauyawa da aikin. Ran da kika nemi aikin nazarin bayanai a banki ko kamfanin sadarwa, MEAL DPro za ta sauka ƙasa, BSAFE ta fita gaba ɗaya.

LinkedIn ya ɗan bambanta, domin shafi ɗaya ne ga duk masu dubawa, don haka za ki iya kai shida ko bakwai. Sai dai sashen Licenses & certifications yana jera takardu ne bisa kwanan wata, sabuwa a sama, kuma ƙalilan na saman kaɗai ake gani kafin a danna a buɗe sauran. Ma'ana, idan kika saka takardar taron awa ɗaya da kika halarta watan jiya, ita ce za ta tsaya a gaban PL-300. Ƙananan kwasa-kwasai da ba kya son rabuwa da su ki kai su sashen Courses. Ga waɗanda suka rage, cike Issuing organization ta hanyar zaɓen sunan daga jerin da zai fito, don tambarin ya bayyana, sannan ki cike Credential ID da Credential URL. Ki gwada adireshin a wayar wani da ba shi da asusunki, domin mutane da yawa suna kwafo adireshin shafinsu na ciki, wanda ba ya buɗuwa ga kowa sai su.

Ki kuma duba wa'adi kafin ki tura komai. Takardar PL-300 shekara ɗaya take yi, ana sabunta ta kyauta a Microsoft Learn cikin watanni 6 kafin ta ƙare, amma idan kika bari ta ƙare sai kin sake biyan kuɗi kin zana jarrabawar. Idan taki ta riga ta ƙare, rubuta shekarar da kika samu da wadda ta ƙare a gurbin Expiration date da kuma a CV, ki sauko da ita ƙasan MEAL DPro har sai kin sake zanawa. Idan kuma kina tsakiyar wani kwas ne, sa guda ɗaya kawai, tare da watan da kike sa ran gamawa.