Kiriyatin ga mai ciwon suga: ya ɗan taimaka, amma ya sa an kusa ce mini ƙodata ta taɓu

Gwangwanin kiriyatin mai giram 300 na saya a wani shago a Sabon Gari, farin gari ne zalla da masu motsa jiki ke sha don ƙarfin tsoka, ba ɗanɗano ba ƙamshi. Shekarata 52, ina da ciwon suga nau'i na biyu, kuma metfomin kaɗai nake sha, miligiram 1000 safe da dare. Giram 5 nake zubawa a rabin kofin ruwa bayan karin kumallo, gwangwani ɗaya ya kai ni wata biyu. Ban yi irin ɗurin da 'yan ɗaga ƙarfe ke yi ba, na giram 20 kullum har mako guda. Wannan ɗurin gaggawa kawai yake ƙarawa, domin giram 3 zuwa 5 ma yana cika tsoka a cikin mako uku zuwa huɗu. Mai shan metfomin kuwa dama cikinsa ba ya rasa ƙorafi, giram 20 na iya haɗa shi da zawo a banza.

Abin da ya ja ni gare shi binciken da aka yi ne a Jami'ar Sao Paulo ta Brazil, wanda ya fito a 2011. An ɗauki masu ciwon suga nau'i na biyu su 25, aka raba su gida biyu, duka suna motsa jiki har mako 12. Ɓangare ɗaya na shan giram 5 na kiriyatin kullum, ɗayan na shan garin da ba kiriyatin a cikinsa. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku, ya sauka daga 7.4 zuwa 6.4 a wajen masu kiriyatin, na sauran kuwa bai gusa ba. Dalilin da aka gano yana cikin tsoka. Akwai wata ƙofa da suga ke bi ta shiga tsoka, ana kiranta GLUT4, wadda insulin da motsa jiki ke fito da ita bakin ƙwayar tsokar. An samu ƙofofin sun fi fitowa a jikin masu kiriyatin. Sai dai yawan insulin ɗinsu bai bambanta da na sauran ba, haka ma ma'aunin yadda jiki ke jin insulin. Wanda aka ce masa jikinsa ya fara bijire wa insulin ya riƙe wannan, kada mai shago ya sayar masa da shi a matsayin magani. Mutum 25 kuma ba taro ba ne.

Har mako na goma sha biyu yabonsa nake. Nauyina ya ƙaru da kilo ɗaya da rabi a watan farko, ruwa ne da tsoka ke riƙewa, ƙugun wando bai matse ba. Awa biyu bayan malmalar tuwon shinkafa biyu, mitar gwajin suga takan nuna mini wajen 210, sai ta dawo tana yawo tsakanin 170 da 180. HbA1c ya tashi daga 7.9 ya koma 7.2. A takardar da wannan 7.2 ɗin ta fito, a ƙasanta kaɗan, nan rigimar take.

Akwai wani abu a jini da ake kira kiriyatinin, sunansa ya kusa zama ɗaya da na garin, kuma ba haɗuwar banza ba ce. Kiriyatinin dusar kiriyatin ce. Kullum kusan kashi 2 cikin ɗari na kiriyatin ɗin da ke jiki yana lalacewa ya zama kiriyatinin, ƙoda ta tace shi ya fita a fitsari. Da shi ake auna ƙoda: in ya taru a jini, a ce ƙoda ta rage tacewa. Kafin na fara shan garin nawa 98 ne, lissafin eGFR, wanda ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda, ya ba da 80. Bayan wata uku ya zama 128, eGFR ya faɗo 58.

Likitan ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Alhaji, ƙafa na kumbura? Fitsari na kumfa? Kana shan maganin ciwon jiki ko jiƙe-jiƙe?" Na ce babu ko ɗaya. Ya rubuta hoton ƙoda, gwajin fitsari, da takardar ganin likitan ƙoda. Ban ga laifinsa ba, faɗuwa daga 80 zuwa 58 cikin wata uku a jikin mai ciwon suga ba abin wasa ba ne, ciwon suga na gaba-gaba wajen kai mutane wankin ƙoda. Sai da na miƙe zan fita na ce, "Likita, ina shan wani gari na masu motsa jiki." Ya ajiye biro ya ce ai da shi ya kamata in fara.

Ga inda takaicina yake. Jikin gwangwanin nan cike yake da rubutu kan ƙarfi da girman damtse, amma ko layi ɗaya babu da ya ce zai iya ɗaga kiriyatinin a gwaji. Shi kuwa lissafin eGFR makaho ne. Kiriyatinin, shekaru da jinsi kawai yake karɓa, bai san ko ƙoda ce ta gaza kwashe dusar ba, ko dusar ce ta ƙaru. Ni ma na ƙara gishiri a miyar: na sha garin da safe kafin a ɗebi jinin, a daren da ya gabata kuma na ci balangu. Naman da ya ga wuta yana ɗauke da kiriyatinin nasa, yana iya ɗaga lambar na wasu awanni.

Hanyar rabe gaskiya ba ta da wuya in an san ta. Akwai gwajin sistatin C, wani gwajin ƙoda na jini wanda ba ruwansa da tsoka ko kiriyatin, in ɗakin gwajin da ka je suna yi. Akwai gwajin albumin, wani furotin na jini, a fitsari, wanda shi ne ke fara nuna ɓarnar suga a ƙoda tun kafin jini ya nuna, nawa ya fito lafiya. Sannan mafi arha: a daina shan garin mako huɗu zuwa shida, a sake gwaji ba tare da an ci nama a daren da ya gabace shi ba. Na daina mako biyar, kiriyatinin ya dawo 101. Ƙodar da ta taɓu da gaske ba ta gyaruwa don an rufe gwangwani. Masu binciken Brazil ɗin nan ma sun auna ƙodar mutanensu da hanyar da ba ta dogara da kiriyatinin ba, ba su ga illa ba a mako 12, amma ba masu ciwon ƙoda suka ɗauka ba.

Ni eGFR ɗina ya fara daga 80, ina da wurin faɗuwa. Wanda ya fara daga 60 fa? Irin wannan tashin zai kai shi ƙasa da 45, inda ƙa'ida ta ce a duba a rage metfomin, ƙasa da 30 kuwa dakatar da shi ake yi gaba ɗaya. Ke nan garin da ka saya don suga ya sauka zai iya sa a rage maka maganin da ke riƙe da sugan, a kan lambar da ba ta faɗi gaskiya ba. Shi ya sa duk mai niyya ya yi gwajin ƙoda na jini da na fitsari kafin cokalin farko, ya adana takardar, ya kuma faɗa wa likita. Wanda eGFR ɗinsa ke ƙasa da 60, ko aka taɓa ganin albumin a fitsarinsa, ni a ganina ya bar shi sai likitan ƙoda ya yarda.

Kuɗin hoto da na gwaje-gwajen sun ninka kuɗin gwangwanin, kuma wannan hutun na mako biyar ya rage mini ɗoki. Ban daina tafiyar minti 40 bayan asuba ba, ban daina ɗaga ƙarfe sau uku a mako ba, waɗanda dama tare da garin na fara su. Sugan bayan tuwo ya ɗan hau zuwa wajen 185. Mitar gida kuwa ƙa'ida ta yarda ta kauce da kashi 15 cikin ɗari, wato a irin wannan lamba tana iya ƙari ko ragi da fiye da 25. Tsoka ma ba ta sakin kiriyatin ɗinta lokaci guda, sai ta ɗauki makonni. Don haka ba zan rantse cewa garin ne ya sauke 7.9 ba. Zatona rabon ƙafafuna a ladan ya fi nasa. Wanda zai sha ya koma ya zauna a shago daga safe zuwa magariba, kuɗinsa ya zubar.

Da na je sayen na biyu aka ƙara ɓata mini rai. Yaron shagon ya ce zallan ya ƙare, ya miƙo wani mai ɗanɗanon lemo, wai "Baba, wannan ya fi shiga jiki." Na juya bayansa, ludayi ɗaya giram 40 da wani abu, kiriyatin giram 5 ne kawai a ciki, sauran dekstiros da maltodekstirin. Suga ce tsantsa, ta kai ta kwalbar lemo. Ana haɗawa ne don suga ta tada insulin ya tura kiriyatin cikin tsoka, dabarar samari masu lafiya, mai ciwon suga kuwa guba ce a gare shi. A duba jerin kayan haɗi, abu ɗaya ake so a gani, kiriyatin monohaidiret, layin kabohaidiret kuma ya nuna sifili. A duba lambar NAFDAC da hatimin murfi. Ɗan cokalin cikin ma ba abin dogaro ba ne, na ɗora nawa a sikeli, cike da tozo ya haura giram 6, sai an shafe bakinsa.

Garin ba ya narkewa sosai a ruwan sanyi, yakan bar tsaki-tsaki a ƙasan kofi, ruwa mai ɗumi ya fi. A dama a shanye nan take. Zuba shi a gorar zoɓo ko ruwan tsamiya a bari ya kwana kuskure ne, tsami da zafi na juya shi ya koma kiriyatinin tun a gora. A zafin Afrilu na Kano a ƙara shan ruwa, da azumi kuma a bari sai bayan buɗa baki.

Garin da metfomin kaɗai ba su taɓa sauke sugana ƙasa da 90 ba. Mai shan maganin suga gilibenkilamid ko gilimepirid, ko mai allurar insulin, nasa daban ne, domin waɗannan na iya kada suga ƙasa da 70, sabon motsa jiki kuma na ƙara wannan haɗarin. Ya riƙa gwadawa kafin fita da bayan dawowa a makonnin farko, da ƙwayar suga huɗu a aljihu saboda gumi mai sanyi da rawar hannu, kuma kada ya rage magani da kansa.

Na koma shan sa, amma giram 3, likita kuma ya rubuta a fayil ɗina cewa ina sha. Gwajin ƙoda na gaba zan nemi a yi da sistatin C, in bai samu ba in ajiye garin makonni kafin ranar. Gwangwani na biyun sai a shago na uku na same shi zalla, ya kuma ƙara kuɗi.