Sharhi: odar atamfa da kayan miya daga Kano zuwa Birmingham

A wurin wata mai sayar da kaya a Kano na sayi atamfa turmi biyu, da zane ɗaya na rinin Ƙofar Mata, da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa. Kayanta ba su fi na sauran 'yan Kantin Kwari ba. Abin da ya sa na zaɓe ta shi ne rubutun da take sawa ƙarƙashin kowane hoto. Yawancin masu talla "a yi mini magana ta ciki" kawai suke rubutawa, kuma mu da ke waje mun san da zarar an ga lambarki ta fara da +44, farashi ya tashi. Ita kuwa ta rubuta kuɗin turmi da naira, ta ce yadi shida ne, ta faɗi nauyinsa, ta kuma ce farashin na kwana biyu ne saboda canji ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Wajen kuɗin aikawa ne ta fi burge ni. Ta bayyana tun a tallan cewa kamfanonin jigila irin su DHL ba nauyin sikeli kaɗai suke dubawa ba, har da girman kwali. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi da santimita, a raba da 5000, sai a caji wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin gaske. Kayana kilo 4 ne a sikeli. Kwalin da ta fara samu 40 ne da 30 da 25, wato kilo 6 ke nan a lissafinsu. Ta turo mini hoton kwalin da tef ɗin awo a jikinsa, ta ce, "Hajiya, in kin yarda in cire kwalayen ado da ke jikin atamfar in matse kayan, za mu koma kilo 4." Na ce ta cire. Kuɗin kilo biyu a jirgi ya isa ya sayi wani zanen.

Biyan kuɗi ma a fili yake. Asusu ɗaya ne, sunan da ke jikinsa shi ne sunan kasuwancin da ke shafinta, kuma ta rubuta cewa duk wanda ya turo wata lamba daban ba ita ba ce. Na tura fam ta manhajar tura kuɗi, naira ta shiga mata. Kuɗin kaya na fara biya, na aikawa kuma sai da aka auna ta nuna mini rasit. Lambar bibiyar kaya ta zo a ranar da ta miƙa su.

Na so in haɗa da kilishi, ta ƙi. A tallanta ma akwai layi guda da ya ce ba ta aika nama ko kayan madara zuwa Birtaniya, domin an hana shigar da su daga Najeriya, ko da busasshe ne. Ta kuma ja kunnena cewa in darajar kaya ta wuce fam 135, ni zan biya harajin VAT na kashi 20 cikin 100 a kan yadi, wataƙila da kuɗin kwastan, kafin a sakar mini su. Ba ta yarda ta rubuta "kyauta" a takardar kwastan don a kauce wa haraji ba, na kuma ga hikimar hakan, tunda in kaya suka ɓace, abin da aka rubuta a takarda shi za a duba wajen biyan diyya.

Akwai inda ta gaza. Ta sa daddawa a leda biyu, amma a kwali ɗaya da atamfa, kuma duk wadda ta san daddawa ta san leda ba ta riƙe ta. Sai da na shanya turmi ɗaya kusa da taga kafin ya yi kyan kai wa tela, ga shi rana a garin nan sai an roƙa. Roba mai murfi ya kamata ta sa, ko da zai ƙara rabin kilo. Sannan shuɗin zanen ya fi duhu a ido fiye da yadda ya fito a hoto, ba ta kuma rubuta cewa rinin baba yana zuba a wankin farko ba. Mu mun sani, amma Baturiya da ta saya ta haɗa shi da farar riga a injin wanki za ta ce an cuce ta. Ba ta kuma faɗi komai game da mayar da kaya in an samu aibu ba.

Zan sake saya, amma odar yadi daban, ta kayan miya daban.