Sanya mahaɗai cikin PDF da aka gama: da hannu a Acrobat Pro ko da PyMuPDF?

"Assalamu alaikum. Na gama kundin mastata a Jami'ar Abdou Moumouni, shafi 120, amma fayil ɗin Word ya ɓace, PDF kawai ya rage. Ina son in mutum ya danna 'Tableau 4' ya kai shi kan jadawalin, adireshin intanet kuma su buɗe. Wata ta ce Acrobat Pro, wani ya ce Python. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Mahaɗi a cikin PDF ba ya manne da rubutu. Wani akwati ne marar ganuwa da ake ɗorawa bisa kalmomin, ana gaya masa ko dai shafin da zai kai mai karatu ko adireshin da zai buɗe. Hanyoyin biyu wannan akwatin suke sanyawa, bambancinsu yana wajen wanda ke neman wurin da kuma wanda ke ƙirga shafi.

A Acrobat Pro, ke ce za ki ja akwatin da kanki. Sai ki zaɓi "Atteindre une vue de page", ki gungura har jadawalin ya bayyana a gabanki, sannan ki danna "Définir le lien". Idan adireshi ne, "Ouvrir une page Web" za ki zaɓa ki liƙa shi cikakke tun daga https://. Alherin wannan hanya shi ne da idonki kike ganin inda mahaɗin zai sauka, don haka ba ki da lissafin shafi ko kaɗan, kuma tana aiki ko da shafin hoto ne aka ɗauka da sikana. Sai dai manhajar ta kuɗi ce, Acrobat Reader na kyauta ba ya wannan aiki, kuma kowane mahaɗi na jadawali sai an yi shi shi kaɗai.

PyMuPDF, kayan aikin Python na sarrafa PDF, kyauta ne, kuma shi ke neman kalmar a dukkan shafuka ya ɗora akwatin, amma dole ki ba shi lambar shafi daidai, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Mu ɗauka gabatarwarki da godiya sun ci shafi 8 masu lambar Romawa, jadawalin kuma yana shafin da aka buga wa 37. A cikin fayil ɗin shi ne shafi na 45, kuma tun da PyMuPDF daga sifili yake fara ƙirga, 44 za ki rubuta:

```python
import pymupdf
doc = pymupdf.open("memoire.pdf")
for page in doc:
    for r in page.search_for("Tableau 4"):
        page.insert_link({"kind": pymupdf.LINK_GOTO, "from": r, "page": 44})
doc.save("memoire_liens.pdf")
```

Idan kika ga duk mahaɗan suna sauka nesa da wurinsu da adadin shafi iri ɗaya, to wannan lissafin ne ya kauce, ba fayil ɗin ne ya lalace ba. Akwai kuma tarko na biyu: binciken zai kama "Tableau 4" a cikin "Tableau 40" da "Tableau 41", ya tura su duka shafi ɗaya, don haka idan jadawalanki sun kai arba'in sai ki duba waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Kafin komai ma, ki gwada neman wata kalma da Ctrl+F. Idan bai same ta ba, shafukan hotuna ne, kuma PyMuPDF ba zai ga komai ba sai an bi da fayil ɗin ta manhajar da ke gane rubutu a cikin hoto, kamar OCRmyPDF.

Game da adireshin intanet, kada ki yarda da gwaji a manhaja ɗaya. Wasu manhajojin karatu suna gane adireshin da aka rubuta su buɗe shi da kansu ko da babu mahaɗi a cikin fayil ɗin, sai malaminki ya buɗe a wayarsa ya tarar babu abin da ke dannuwa, musamman inda dogon adireshi ya karye zuwa layi biyu. Ki gwada a kwamfuta, ki kuma gwada a waya.

A ganina, idan mahaɗan ba su wuce ashirin ko talatin ba kuma kina da inda za ki samu Acrobat Pro, ki yi da hannu, domin za ki gama kafin ki koyi girka Python. Idan kuwa kowane jadawali an ambace shi wurare da yawa, ga kuma jerin abubuwan da ke ciki, to PyMuPDF ya fi, tun da gyaran lamba ɗaya da sake gudanar da shi bisa fayil na asali ya isa ya gyara duka. Kowace hanya kika bi, ki ajiye sabon da wani suna daban, kuma ki gama sanya mahaɗan kafin a sa wa kundin hannu na lantarki, saboda canjin da aka yi bayan sa hannun yana iya ɓata ingancinsa.