SmartArt ko zanen hannu: wanne ya dace da jadawalin ma'aikata masu ƙaruwa?

A ce akwai wani injin gyaran shinkafa a Gombe da ya fara da mutum 9, bana sun kai 24. Za a je neman rance a banki, an ce sai an nuna wane ke ƙarƙashin wane a shafi guda na PowerPoint. Akwai manaja da sakatariyarsa, da shugabannin sassa 4 (inji, sito, talla da kuɗi), sai ragowar mutum 18 a ƙarƙashinsu. Hanya biyu ce a gaban mai zanen, kuma kowace da irin wahalarta.

Ta farko ita ce SmartArt, hanyar da ke jera akwatuna da layuka da kanta, wadda ke cikin Office tun na 2007. A PowerPoint, ka shiga Insert, ka danna SmartArt, ka zaɓi Hierarchy, sannan Organization Chart. Kada ka tsaya cike akwatuna ɗaya bayan ɗaya. Buɗe Text Pane, wato wurin rubutu da ke gefen zanen, ka jera sunaye: Enter na ba ka sabon akwati a sahu ɗaya, Tab na saukar da mutum ƙarƙashin na samansa, Shift+Tab kuma na ɗaga shi. Sakatariya ba shugabar sashe ba ce, don haka ka danna akwatin manaja, ka shiga Add Shape, ka zaɓi Add Assistant, sai ta zauna a gefe. Idan gobe aka ɗauki sabon direba, suna ɗaya za ka ƙara, layukan su gyara kansu. Ga ma'aikatar da kusan kowane wata sai an ɗauki wani ko an sauya wa wani sashe, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Matsalar tana wajen fili. Faɗin shafin PowerPoint da aka saba da shi santimita 33.87 ne. Akwatin da zai ɗauki suna da muƙami a karanta daga nesa yana son kamar santimita 3.5, da tazarar rabin santimita tsakani. Ke nan akwati 8 ne za su shiga a jere, sun cinye santimita 31.5. Idan mutum 18 ɗin nan suka jeru a sahu ɗaya, kowa bai samu ko santimita 2 ba. SmartArt ba zai yi maka gargaɗi ba, zai dai ƙanƙance akwatunan da rubutun gaba ɗaya, har da na manaja. Alamar ita ce ka danna suna ka duba girman rubutu. A ganina, da zarar ya yi ƙasa da 12, na bayan ɗaki ba abin da zai gani in an haska shi a jikin bango.

Akwai magani kafin ka yanke ƙauna. Danna akwatin shugaban sashe, ka shiga Layout, ka zaɓi Right Hanging, sai yaransa su sauko a tsaye maimakon a kwance. Sashen inji mai mutum 7 zai yi tsawo da yawa, shi sai ka ba shi Both, su rabu gida biyu, hagu da dama.

Abin da SmartArt ba ya yi shi ne mutum ɗaya mai ubangida biyu. A irin waɗannan wuraren sau da yawa akanta yana ƙarƙashin manaja, amma rahoton kuɗi wurin Alhaji mai injin yake kai shi kai tsaye. Kana iya jan layi da hannu ka ɗora a kai, sai dai layin ba ya cikin tsarin. Ranar da ka ƙara suna akwatuna suka matsa, zai tsaya inda ka bar shi yana nuna wani daban.

Nan ne hanya ta biyu ke da amfani. Insert, Shapes, ka zana akwati ɗaya, ka maimaita shi da Ctrl+D, ka daidaita sahu da Align Top da Distribute Horizontally. Wajen haɗawa ka ɗauki Elbow Connector, ka tabbatar bakinsa ya kama ɗigon da ke bayyana a gefen akwatin. Gwajin mai sauƙi ne: ja akwatin, in layin ya biyo shi to ya kama. Za ka sa kowa inda kake so, ka mayar da layin akanta zuwa Alhaji mai ɗigo-ɗigo. Farashinsa kuwa lokaci ne, domin saka mutum ɗaya a tsakiya na nufin matsar da duk na gefensa da hannunka.

Ni dai, muddin kowa ubangidansa ɗaya ne kuma ana ta ɗaukar mutane, SmartArt zan ɗauka. Zanen hannu sai in tsarin ya zauna, ko akwai masu iyayen gida biyu.

Wasu kan fara da SmartArt su ƙare da Convert to Shapes. Yana aiki, amma Text Pane ya tafi ke nan, layukan da suka fito kuma ba sa bin akwati in ka ja shi. Ka kwafi shafin tukuna, ka juya kwafin don na banki, ka ajiye na asali saboda ɗaukar ma'aikata ta gaba.