Ƙuri'ar WhatsApp, imoji ko Framadate: da wanne za a tsai da ranar taro a gurup?

Duk wanda ya taɓa rubuta "yaushe kuke da hali?" a gurup mai mutum arba'in ya san abin da ke biyowa. Wani ya ce "in sha Allahu", wani ya ce "duk yadda kuka yi daidai ne", wata ta aiko saƙon murya na minti uku wanda rabinsa gaisuwa ce. Kafin Magariba saƙonni sun kai sittin, sakatare bai san ko Asabar aka fi so ko Lahadi ba. Laifin na tambayar ne, don ta ba kowa damar amsawa da irin tasa. Kowace hanya da za mu duba a nan aikinta ɗaya ne: ta rage amsar ta koma taɓa abu guda.

Mafi sauƙi ita ce imoji. Sakatare ya rubuta saƙo uku, kowane da ranarsa, ya ce wanda ranar ta yi masa ya ɗora alamar babban yatsa a kai. Ba ta buƙatar koyo, WhatsApp kuma yana nuna sunayen waɗanda suka ɗora. Matsalarta a wajenmu ita ce mutane sun saba ɗora babban yatsa da ma'anar "na gani", ba "zan zo" ba. Sai ka ƙirga mutum 25, ranar taro 11 su hallara. Ga rana ɗaya tak tana iya wucewa. Daga biyu zuwa sama, ban ba da shawararta ba.

Wadda nake ganin ta fi dacewa da yawancin gurup-gurup na Damagaram ita ce ƙuri'ar cikin WhatsApp ɗin kansa, wadda ta shigo a ƙarshen 2022. A wayar da aka saita da Faransanci sunanta Sondage, a ta Ingilishi Poll. A Android tana ƙarƙashin alamar da ake taɓawa in za a aika hoto ko takarda. Tana ɗaukar zaɓi har 12, ba a biyan ko dala, ba a kuma fita daga gurup. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne: ɗan'uwan da ke ƙauyen Tanut ko Magariya, inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, zai iya taɓa zaɓinsa da ɗan megan da ya rage masa.

Akwai maɓalli ɗaya da dole a kula da shi, wanda aka rubuta Autoriser plusieurs réponses. A bar shi a kunne. In aka kashe shi, kowa rana guda kawai zai iya zaɓa, sai a samu ranar da ya fi so, alhali abin da ake nema shi ne duk ranakun da yake da hali. Mutum yana iya fin son Asabar amma Lahadi ma ba ta hana shi komai.

Mu ɗauka ƙungiyar zumunta ce ta tsofaffin ɗalibai, mutum 38, za a zauna a yi lissafin kuɗin asusu. Kafin a tambayi kowa, sakatare ya zubar da ranakun da an san ba za su yiwu ba. Alhamis kasuwar Dole ke ci, ƴan kasuwa ba za su baro rumfa ba. Juma'a da rana ta masallaci ce. Sai ya bar huɗu: Juma'a bayan Isha'i, Asabar bayan La'asar, Lahadi ƙarfe 10 na safe, Lahadi bayan La'asar. Kowane zaɓi a sa masa kwanan wata, don "Asabar" kawai tana haifar da gardamar wace Asabar. Ya ƙara na biyar: "Ba ni da hali ko ɗaya". Da shi ne ake bambance wanda ba zai samu zuwa ba da wanda bai ma buɗe saƙon ba. A cikin tambayar kuma ya rubuta lokacin rufewa, a ce Laraba da Magariba, sannan ya maƙale ƙuri'ar a saman gurup. WhatsApp yana ba da awa 24, kwana 7 ko kwana 30. Kwana 7 ya isa.

A ce mutum 29 suka amsa. Asabar ta samu 21, Lahadi da safe 19, Lahadi da yamma 17, daren Juma'a 12, mutum 3 kuma suka ce ba su da hali. In an tara an wuce 29 nesa, kuma haka ya kamata, tun da kowa na iya taɓa fiye da ɗaya. A ido Asabar ta ci. Amma da sakatare ya buɗe jerin sunayen da ke ƙarƙashin kowane zaɓi, sai ya ga ma'aji ba ya cikin na Asabar, yana cikin na Lahadi da safe. Taron lissafi ba ma'aji hira ce kawai. Lahadi ƙarfe 10 ke nan, ko da ta gaza da mutum biyu.

Ƙuri'ar tana da nata gurgunta. Ba ta fitar da jerin waɗanda ba su amsa ba, sai sakatare ya gwama sunayen da na ƴan gurup da hannunsa ya gano sauran 9 ɗin. Ba ta da amsar "wataƙila". Kowa yana ganin zaɓin kowa, don haka in Alhaji shugaba ya riga taɓa Asabar, ƙanana sukan bi sahunsa don kunya. Gara a roƙe shi ya zaɓa a ƙarshe. Mutum kuma yana iya canza zaɓinsa daga baya, saboda haka da lokacin rufewa ya yi a ɗauki hoton allon a ajiye. In surutu ya yi yawa, adimin na iya saita gurup ɗin ya zama su kaɗai ke aika saƙo na kwana ɗaya ko biyu, amma a sanar tukuna, don wasu na ɗaukar rufe baki a matsayin raini.

Sai shafukan waje. Framadate na ƙungiyar Framasoft ce ta Faransa, kyauta ne, da Faransanci, kuma mai amsawa ba ya buƙatar buɗe asusu. Doodle ma irin aikin yake yi, sai dai na kyautarsa yana da talla, wanda ke cin mega. Abin da suka fi WhatsApp da shi shi ne jadawali: sunaye a jere, ranaku a jere, ga kuma amsa ta uku, wato "zan iya in ya zama dole". Malaman Jami'ar André Salifou ko ma'aikatan wata ƙungiya da ke neman awa biyu a cikin mako guda mai cike da darussa, wannan ya fi musu. Ga gurup na dangi ko na adashe kuwa, sai an taɓa adireshin shafi an fita daga WhatsApp, an rubuta suna, an ja allo gefe a ƙaramar waya. Wanda forfensa na WhatsApp ne kaɗai, shafin ba zai ma buɗe masa ba. Ni sai ranaku da awoyi sun wuce 12, ko ana buƙatar amsar nan ta uku da gaske, nake komawa can.

Telegram ma yana da ƙuri'a, amma takan zo da sunaye a ɓoye sai an kashe wannan saitin, kuma kwashe mutum 38 zuwa sabuwar manhaja saboda taro ɗaya bai cancanci wahalar ba.

Dattawa da waɗanda karatun boko bai zauna musu ba kuwa, ba manhajar da za ta maye gurbin kira. Sakatare ya biyo ƙuri'ar da saƙon murya gajere, ya karanta zaɓin ɗaya bayan ɗaya, ya ce wanda bai iya taɓawa ba ya amsa masa shi kaɗai, ba a gurup ba. Ita Hajiya a kira ta: "Hajiya, ina wuni? Lahadi ƙarfe goma na safe ya yi miki, ko bayan La'asar?" Amsarta a rubuta a takarda, a haɗa da lissafin ƙuri'ar kafin a sanar da rana da wuri a saƙo guda, a cire ƙuri'ar daga sama a maƙala sanarwar a madadinta.