Gargaɗi kan dillalan aikin bogi masu ruɗar matasa da albashi mai tsoka

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan ne saboda abin da ya faru da ƙanina, wanda ya rasa naira 45,000 a hannun wasu 'yan damfara, kuma saura ƙiris ya saki aikin gaskiya da Allah Ya ba shi. Masu neman aiki, musamman waɗanda suka gama hidimar ƙasa, don Allah ku karanta a tsanake, domin har yanzu tallar mutanen nan tana yawo a zaurukan WhatsApp.

Yaron ya shekara biyu yana yawon kai takardu. Sai ga shi a mako guda ayyuka biyu sun faɗo. Na farko wata masana'anta ce a Sharaɗa, nan Kano, albashi naira 160,000 a wata. Sau biyu ya je intabiyu da ƙafarsa kafin su ba shi takarda. Na biyun wai wani kamfani ne a Abuja, albashi naira 320,000. Wani dillali ne ya haɗa shi da su, aka yi masa tambayoyi na minti goma ta waya, washegari takardar ɗaukar aiki ta shigo, da tambari da sa hannu da komai. A ƙasanta an rubuta cewa yana da kwana biyu ya biya kuɗin gwajin lafiya, in ba haka ba a ba wani gurbin. Ya ranci kuɗin a wurin abokinsa ya tura, sannan ya zo mini da murna yana cewa, "Yaya, gobe zan je Sharaɗa in ba su haƙuri, ninki biyu fa ake magana."

A lokacin ban kawo damfara a raina ba. Abin da na ce masa kawai shi ne ya ɗauko takardun biyu mu ajiye su gefe da gefe, domin na san adadin da aka rubuta a saman takarda ba shi ne abin da ke shiga aljihu ba. A wurin wannan kwatancin ne asiri ya fara tonuwa.

Mun fara da fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci yana ba da aƙalla kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ɗora aƙalla kashi 10, ana lissafawa a kan ainihin albashi da alawus na gida da na sufuri, a zuba a asusun ritaya mai sunan ma'aikacin. Takardar Sharaɗa ta rarraba albashin dalla-dalla, kuma ɓangaren da ake lissafa fansho a kansa ya kama naira 140,000. Ke nan za a cire masa 11,200, kamfani ya ɗora 14,000 daga aljihunsa, duk wata 25,200 na shiga asusunsa. A shekara ya haura dubu ɗari uku, kuma ko ya sauya wurin aiki asusun nasa ne, yana bin sa. Wannan 14,000 ɗin ba ta cikin 160,000 da ya raina. Takardar ta kuma ambaci inshorar lafiya da sunan kamfanin da ke kula da ita, da kwanakin hutun shekara, da motar ma'aikata.

Da muka juya ta Abuja, layi ɗaya ne tak: 320,000 a wata, "tare da sauran alawus-alawus masu gwaɓi". Babu rabe-raben albashi, babu fansho, babu lafiya, babu hutu. Na ce ya tura wa mutumin saƙo ya tambaye shi nawa kamfanin ke zubawa a asusun ritaya, kuma wane asibiti ma'aikata ke zuwa. Amsar da ta dawo ita ce, "Duk za a yi maka bayani bayan ka kammala biyan kuɗin horo." Nan muka fara jin labarin wani sabon kuɗi, naira 60,000, wai na horo da katin shaida. Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin kula da ma'aikata ya san waɗannan tambayoyi kullum ake yi masa su, kuma a cikin minti ɗaya yake amsawa. Mai damfara kuwa adadin albashi kawai ya shirya, domin ya san a nan idon mai nema yake tsayawa.

Sai maganar zirga-zirga, wadda na fi daɗewa a kanta da shi, saboda ko da aikin Abujan na gaskiya ne, lissafin ba yadda ya zata yake ba. A Kano a gidanmu yake kwana, tuwon gida yake ci, motar ma'aikata tana ɗaukarsa a bakin titi. A Abuja kuwa, mai albashi irin wannan da wuya ya iya kama ɗaki a cikin gari, sai Mararaba ko Masaka ko Suleja. Muka kira wani ɗan unguwarmu da ke zaune a Mararaba yana aiki a Wuse. Ya ce shi yana idar da sallar asuba yake fita saboda cunkoson hanyar Nyanya, kuma sau da yawa sai bayan isha'i yake shiga ɗaki. Kuɗin motarsa a rana ya kan kai naira 3,000, wato 66,000 a kwanakin aiki 22. Haya ta shekara ake biya gaba ɗaya, ga kuɗin dillali, ga katifa da risho, ga abinci sau uku na saye. Da muka cire waɗannan, muka ƙara da maganin da zai riƙa saye da kuɗinsa da fanshon da babu, sai ninki biyun nan ya tsuke sosai. Ga kuma awa uku zuwa huɗu a mota kullum, lokacin da yake son ya yi amfani da shi wajen karatun jarrabawar ƙwarewa a fannin akanta.

Wannan kiran shi ya kawo ƙarshen magana. Tunda muna lissafin kuɗin mota, dole mu san takamaiman inda ofishin yake. Muka ba ɗan unguwar tamu adireshin da ke kan takardar, ya leƙa a lokacin hutun rana. Ginin yana nan, lambar shagon tana nan, amma masu sayar da caja da rigunan waya ya tarar a ciki, kuma mai gadin wurin ya ce bai taɓa jin sunan kamfanin ba. Mai gadin ya ƙara da cewa ɗan unguwar tamu ba shi ne na farko da ya zo tambaya ba.

Daga nan muka koma muka duba abubuwan da ya kamata a duba tun kafin a tura ko sisi. Lambar rajistar da ke kan takardar, wadda ake kira RC, mun saka ta a shafin binciken CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sai sunan wani kamfani daban ya fito. Adireshin imel ɗinsu na Gmail ne, ba na kamfani ba. Asusun da ya tura kuɗin sunan mutum ɗaya ne a kai. Wani abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fom ɗin da suka turo masa ya cike, wanda ke neman BVN da lambar katin cirar kuɗi, da alƙawarin cewa za a turo wata lamba a wayarsa ya karanto musu don "buɗe asusun albashi". Wannan lambar OTP ce, kuma da ya bayar da ita da sun kwashe ɗan abin da ke asusunsa. Mai ɗaukar aiki na gaskiya zai nemi lambar asusunka don ya biya ka, amma ba shi da wata hulɗa da lambar sirrin katinka ko OTP.

Game da ci gaba a wurin aiki da ɗorewarsa, tambaya ɗaya na ce ya yi wa kowannensu: wa zan yi aiki a ƙarƙashinsa, kuma wanda ya riƙe wannan kujerar kafin ni ina yake yanzu? A Sharaɗa an faɗa masa sunan shugaban sashen, aka ce wanda ya gada an yi masa ƙarin girma yana nan a ofishin sama, lokacin gwaji wata shida ne sannan a tabbatar da mutum. Ya ga ma'aikata masu furfura a harabar, alamar cewa mutane suna daɗewa a wurin. Ban ce masana'anta ba ta rufewa ba, mu 'yan Kano mun ga yadda da yawa suka durƙushe a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Amma wuri ne da za ka iya tsayawa a bakin ƙofarsa ka tambayi ma'aikaci ko ana biyan albashi a kan lokaci. Mutumin Abuja kuwa da aka yi masa wannan tambayar, sai ya hau faɗa, yana cewa mutum hamsin na layi suna jiran gurbin, kuma in yana son a ɗauke shi da muhimmanci ya turo shaidar cewa ya ƙi karɓar wancan aikin.

Ku lura da wannan dabarar sosai, domin ita ce mafi muni a cikin shirin nasu. So suke ka saki reshe ka kama ganye. Idan ka riga ka ajiye aikin da ke hannunka, duk kuɗin da suka sake nema za ka nemo ka biya, tunda ba ka da wurin komawa. Gaggawar kwana biyun ma don kada ka sami sukunin shawara da na gaba da kai ne. Su mutanen Sharaɗa mako guda suka ba shi ya yi tunani, kuma gwajin lafiyar da suka nema, asibitin da suka tura shi bai karɓi ko kwabo a hannunsa ba.

Akwai kamfanonin dillancin ma'aikata na halal, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Irin waɗannan suna da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, suna da ofis da za ka shiga ka zauna, kuma ba sa jin haushi idan ka nemi ganin lasisin. Wanda ya haɗa ƙanina da mutanen nan, da muka nemi nasa, sai ya toshe lambarmu. Bayan awa ɗaya lambar "manajan" kamfanin Abujan ma ta daina shiga.

Mun kai ƙorafi bankinsa a ranar, da rasit ɗin tura kuɗin da hotunan hirar gaba ɗaya, muka kuma shigar da rahoto wurin 'yan sanda. Ma'aikaciyar bankin ta gaya mana cewa irin wannan kuɗi da zarar ya shiga ake kwashe shi zuwa wasu asusun, don haka wanda abin ya shafa ya garzaya a ranar, kada ya tsaya jin kunya. Har yau kuɗin bai dawo ba, kuma yana biyan abokinsa bashin kaɗan-kaɗan daga albashin Sharaɗa, inda ya kama aiki ranar Litinin ɗin da ta biyo baya.

Shekaranjiya wata 'yar'uwarmu ta turo mini wata talla tana tambaya ko ɗanta ya nema. An sauya sunan kamfanin da tambarin, an mayar da ofishin Garki, albashin ya koma 350,000, amma kalmomin takardar su ne dai, har da kwana biyun nan da kuɗin gwajin lafiya na 45,000. Idan ta iso zaurenku, ku sanar da mai kula da zauren ya goge ta, kuma duk wanda kuka san ya riga ya cike musu fom da bayanan katinsa, ku ce ya kira bankinsa a toshe katin yau ɗin nan.